Shekara Ashirin da Huɗu da Wata Huɗu

Rana ɗaya aka ɗauke mu aiki ni da abokina, a matsayin malaman dabbobi. Na girme shi da shekara biyu. Ni ɗan Daura ne, shi kuma daga wani ƙauye yake a arewacin Mai'adua, inda in ka tsaya a bayan gari kana hango gonakin mutanen Nijar. An fara tura ni Sandamu, shi aka bar shi kusa da gida, daga baya aka haɗa mu a Mai'adua, muka yi shekaru masu yawa muna aiki tare. Ranar kasuwa muna kara, wato kasuwar dabbobi, tun safe, muna duba shanun da ke shigowa, muna ware masu ciwon baki da ƙafa, muna rubuta takardar lafiya ga waɗanda za a loda zuwa kudu. Sauran ranaku muna kwata wurin mahauta ko muna kan babur, muna bin rugage da allurar rigakafi.

Ya fi ni hannu a aikin. Yana iya tsayawa nesa da garke ya ce wancan bijimin huhunsa ya taɓu, a je a duba a tarar haka ne. Ba a makaranta ya koyi wannan ba. Gidansu gidan dillalan shanu ne, ubansa dillali, yayansa ma dillali. Shi kaɗai aka sa a boko. Yayan ne ke riƙe da harkar gidan bayan rasuwar mahaifinsu. Fatake daga Nijar suna sauka a wurinsa, ya ba su masauki da abinci, ya sayar musu da dabbobinsu, ya tsaya musu a kan bashi, ya karɓi la'adarsa. Harka ce da ba ta da shago ba ta da jari mai yawa. Jarinta shi ne mutanen da suka saba da kai, suka yarda da kai.

Muna cikin shekararmu ta ashirin da biyar a aiki yayan ya faɗi a kara, wata ranar Lahadi da hantsi. Aka kai shi asibiti a Daura. Ya rayu, amma ɓarin jikinsa ɗaya ya shanye, maganarsa ma sai wanda ya saba da shi ke ganewa. Yana da mata biyu da 'ya'ya goma sha wani abu, babban namijin bai gama sakandare ba. Babbar Sallah kuma saura wata uku ko ƙasa da haka, wato lokacin da dillali ke samun abin da zai ci rabin shekara.

Bayan kamar mako biyu abokina ya gaya mini zai ajiye aiki. Muna zaune ne a inuwar ofis muna wanke sirinji. Ya ce fataken yayansa sun fara tambaya ko su nemi wani masauki, kuma bafatake in ya sauka a wani gida sau biyu ya tafi ke nan. Ba zai iya riƙe su yana ma'aikaci ba, domin harkar tana buƙatar mutum ya kwana a can ya tashi a can, wani lokaci ya tsallaka iyaka ya yi kwana uku. Na tambaye shi ko ya san abin da zai fita da shi. Ya ce ya ji ana cewa wanda ya haura shekara ashirin yana samun fansho mai kyau. Iyakar abin da ya sani ke nan. Ni ma ban fi shi sani ba. Mun yi shekara ashirin da huɗu muna jin maganar fansho, ba wanda ya taɓa zama ya ga yadda ake fitar da shi.

Akwai wani dattijo a unguwarmu a Daura wanda ya yi rayuwar aikinsa duka a ofishin fansho kafin shi ma ya yi ritaya. Mutane kan je zaurensa da takardunsu kafin su kai ofis. Ba ya karɓar komai sai goro. Na ce da abokina mu je, ya yarda, ina jin don kada na ce ya ƙi shawara ne.

Muka same shi bayan la'asar. Ya karɓi takardar ɗaukar aiki da ta albashin watan da ya wuce, ya sa tabarau, ya tambayi shekarun haihuwar abokina. Arba'in da tara. Ya ce to wannan ƙofar a buɗe take, domin wanda ya ajiye aiki don kansa bai kai arba'in da biyar ba, sai ya jira ya kai kafin a fara biyansa. Sannan ya yi mana bayani a hankali, kamar wanda ya faɗi abin sau dubu.

Ya ce abu biyu kawai ake dubawa: shekarun da ka yi kana aiki, da albashin da kake ɗauka ranar da ka fita. Ba a tambayar wahalar da ka sha, ba a tambayar ko kai ne gwani a sashenku. Shekaru su ke faɗin kashi nawa cikin ɗari za a ba ka. In ba ka kai shekara goma ba, babu fansho, sai dai kuɗin sallama na lokaci ɗaya in ka kai biyar. Shekara goma tana ba ka kashi talatin cikin ɗari. Daga nan kowace shekara tana ƙara kashi biyu, har zuwa shekara talatin da biyar, inda za ka kai kashi tamanin, nan kuma ya tsaya. Sai a ɗauki albashinka na ƙarshe na shekara guda, a fitar da wannan kason, a raba shi gida goma sha biyu. Abin da ya fito shi ne za ka riƙa karɓa duk wata har ka koma ga Allah.

Abokina ya ce albashinsa yakan kai dubu arba'in da biyar a watannin rigakafi. Dattijon ya duba takardar ya ce dubu biyar ɗin kuɗin fita ne da man babur, ba sa shiga. Albashi ne da alawus ɗin da ke manne da shi duk wata. Nasa dubu arba'in ne cif.

Sai ya tambayi ranar da yake son fita. Ƙa'ida ita ce mutum ya ba da sanarwar wata uku, kuma a lokacin akan bar shi ya yi watannin nan a matsayin hutun barin aiki. Abokina ya ce a makon nan zai miƙa, don ya samu ya koma kara da wuri. Dattijon ya ƙirga a yatsunsa. Ya ce in haka ne ranar fitarsa za ta kama shekara ashirin da huɗu da wata huɗu. Guntun shekara in ya haura wata shida ana cika shi shekara, in bai haura ba ana zubar da shi. Wata huɗun nan sun zube. Shekara ashirin da huɗu kuwa kashi hamsin da takwas ne. Ya rubuta a bayan takardar albashin: dubu ɗari huɗu da tamanin a shekara, kashi hamsin da takwas nata dubu ɗari biyu da saba'in da takwas da ɗari huɗu, a raba goma sha biyu, dubu ashirin da uku da ɗari biyu a wata.

"Da za ka jinkirta miƙa takardar da wata uku," in ji shi, "da ka fita da shekara ashirin da huɗu da wata bakwai. A lissafi ashirin da biyar ke nan, kashi sittin."

Abokina ya yi lissafin da kansa ya ce bambancin naira ɗari takwas ne a wata. Bai kai kuɗin la'adar tunkiya ɗaya ba.

Ni ne na tuna musu da maganar ƙarin girma. Mun shiga tantancewa tare a farkon shekarar, daga mataki na tara zuwa na goma, ana jiran sakamako. Dattijon ya cire tabarau. Ya ce wannan ya fi ɗayan nauyi. A mataki na goma albashin zai kai kamar dubu arba'in da shida. Kashi sittin na wannan dubu ashirin da bakwai da ɗari shida ne. Tsakaninsa da abin da zai samu in ya fita yanzu akwai dubu huɗu da ɗari huɗu, kowane wata, iyakar rayuwarsa. Giratuti, wato kuɗin sallama, shi ma haka, domin shi ma da shekaru da albashin ƙarshe ake fitar da shi, zai ƙaru da kusan dubu ɗari biyu. Amma ya ce ba zai iya yi masa alkawarin ranar da sakamakon zai fito ba. Zai iya zama wata biyu, zai iya zama shekara.

"Baba, in na fita sannan ya fito fa?"

"In ranar da ƙarin ya fara aiki ta zo bayan ranar fitarka, ba naka ba ne. Albashin da ka fita da shi, da shi za ka zauna."

Abokina ya yi godiya, ya ajiye goro, muka tashi. A hanya muka tsaya a shagon wani Ibo da muke sayen kayan babur a wurinsa, domin sarƙarsa ta saki. Mai shagon ya daɗe da saninmu, Hausa a bakinsa kamar haifaffen gari. Da ya ji abin da ake ciki ya ce shi bai taɓa gane yadda za a biya mutum yana kwance a gida ba, amma in da gaske ne ana yi, da shi ne ba zai bar ko kwabo a baya ba. Abokina ya yi dariya ya biya kuɗin sarƙa.

Kwana biyu bayan haka matarsa ta zo gidana. Ba ta saba zuwa ita kaɗai ba. Ta shiga wurin maiɗakina, aka aiko a kira ni. Bayan gaisuwa ta ce ta ji lissafin da aka yi, ɗanta ya karanta mata a bayan takardar. Ta ce ita ba ta hana shi taimakon ɗan'uwansa ba, amma 'ya'yanta bakwai, kuma ta zauna a gidan dillalai ta ga yadda shekara ɗaya ake yanka rago, wata shekarar a sayar da tabarma. Albashi ne kaɗai abin da ta taɓa gani yana zuwa a kan lokaci.

"Malam, yana jin maganarka. Wata uku ne fa. Ka ce masa ya yi haƙuri."

Na ce zan gaya masa. Na kuwa gaya masa washegari, muna hanyar wata ruga. Na ce ya nemi wani ya riƙe fataken zuwa bayan Sallah. Ya ce wanda zai riƙe maka bafatake a lokacin layya ba zai mayar maka da shi ba. Na ce ya nemi hutun shekara. Ya ce ya cinye shi a jinyar yayansa. Na ce to ya riƙa zuwa kara a ɓoye, ni zan rufa masa. Ya ce malamin da ke ba da takardar lafiyar dabba ba zai zama dillalin dabbar ba, in aka gane, korar da za a yi masa ba fansho a cikinta ko na kashi ɗaya. A nan gaskiyarsa ce. Ya ce ya fahimci lissafin sarai, ba wai bai gane ba ne. Dubu huɗu da ɗari huɗu a gefe ɗaya, gida mai mutum ashirin a ɗaya gefen. Ban sake tayar da maganar ba.

Ya miƙa takardarsa a makon. Aka yi masa ɗan taron sallama a ofis, da lemo da biskit, shugaban sashe ya ba shi agogon bango. Ranar Lahadin da ta biyo na gan shi a kara cikin babbar riga da sanda, yana tsaye inda yayansa ke tsayawa. Ya kawo mini shanu goma sha biyu na duba, na ware ɗaya. Bai yi gardama ba, ya ce shi ma ya gan ta.

Sakamakon ƙarin girman ya fito bayan Sallah. Sunana yana ciki. Ranar da ƙarin ya fara aiki ta zo bayan ranar fitarsa da 'yan makonni. Da ya jinkirta watanni ukun, da ya samu duka biyun, shekarar da matakin. Ni na gaya masa, don gara ya ji daga bakina. Ya ce Allah ya sanya alheri, ya tambaye ni ko zan yi walima.

Fanshonsa ya fara shigowa bayan wasu watanni, dubu ashirin da uku da ɗari biyu, daidai yadda dattijon ya rubuta. Giratutin ya ɗauki lokaci. Da ya zo, ya gyara masaukin fatake, ya yi masa rufin kwano, ya aurar da 'ya'yan yayansa mata biyu, sauran ya sayi maruƙa ya ba wani Bafulatani kiwo. Yayan ya rasu a shekara ta biyu. Fataken ba su watse ba, har ƙaruwa suka yi, domin labari ya bazu cewa akwai dillalin da ke duba lafiyar dabba kafin ya yi ciniki. A shekarun nan ya fi ni samu nesa ba kusa ba. Ya je Makka kafin ni. Fanshon ma ba ya zuwa cirewa, ya bar wa matarsa katin banki, ita ke sayen sabulu da kayan miya da kuɗin makarantar Islamiyya. In muka haɗu yakan tsokane ni ya ce har yanzu ina nan ina tara kashi biyu-biyu.

Ni kuwa ina nan. Na ci gaba da bin rugage. Wani sa ya harbe ni a gwiwa a wata ruga ta wajen Koza, na yi wata biyu a kwance, tun daga nan ba na iya durƙuso sosai. Na sake samun ƙarin girma, aka mayar da ni ofis, ina rarraba magani da tsara fita. Aikin bai yi mini daɗi kamar na daji ba, amma albashin ya fi. Daga baya aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi gaba ɗaya. 'Yan fansho ma an duba nasu bayan wani lokaci, sai dai ƙarin a kan abin da mutum ke karɓa aka ɗora shi. Wanda ya fita da kaɗan, kaɗan ɗin aka yi wa ƙari.

A shekara ta bakwai da fitarsa aka rufe iyaka. Ba a san ranar buɗewa ba. Shanu ba su daina shigowa kwata-kwata ba, amma suka koma bin hanyoyin daji a hannun wasu mutane, da tsada da haɗari. Fatakensa yawancinsu dattawa ne, ba su iya wannan ba. Masaukin ya zama kango. Akwai kuma mahautan da ya tsaya wa a kan bashi suka kasa biya, dole ya sayar da shanun kiwonsa ya cika wa masu dabbobi haƙƙinsu, domin dillalin da ya bari aka ci kuɗin baƙonsa ya gama sana'a. Cikin 'yan watanni gidaje biyu suka koma kan abin da ke shigowa ta katin da ke hannun matarsa. Gero kuma ya yi tsada a shekarar.

A lokacin ne ya zo ofishina wata safiya. Ya rame, amma rigarsa a goge. Ya ce wani ya gaya masa ana iya sake yi wa mutum lissafi in ƙarin girmansa ya fito bayan ya fita. Na tuna masa abin da dattijon ya ce. Ya ce ya tuna, amma wataƙila an sauya doka. Dattijon ya riga ya rasu. Na ɗauki izini, muka shiga mota zuwa ofishin fansho a Katsina.

Wata jami'a ce ta saurare mu, ba za ta wuce sa'ar babbar 'yarsa ba. Ta sa aka nemo fayil ɗinsa, ta duba da kyau, ba ta yi mana gaggawa ba. Ta ce lallai akan sake lissafi, amma sai in ƙarin girman ya fara aiki tun mutum yana cikin aiki, takardar ce kawai ta makara. Nasa ba haka ba ne. Ta nuna masa ranakun biyu. Sai ya tambaye ta game da wata huɗun, ko ba za a iya haɗa masa da watannin da ya yi yana aikin wucin gadi kafin a ɗauke mu ba. Ni ban ma san ya yi ba. Ashe kafin a ɗauke mu ya yi kamar wata takwas yana taimaka wa wani likitan dabbobi mai zaman kansa. Ta ce da gwamnati ya yi wa, aka kuma zarce da shi zuwa aikin dindindin ba tare da yankewa ba, da akwai magana. Aikin da aka yi wa mutum mai zaman kansa ba ya shiga.

"To in na samu aka sake ɗauka ta a kwantiragi fa? Har yanzu ina iya aikin."

"Za a biya ka albashin kwantiragin, Baba, amma ba zai ƙara maka shekara a fansho ba. An riga an rufe lissafin ranar da ka fita."

Ya yi mata godiya, ya sa mata albarka. Muka fito muka ci shinkafa da wake a bakin tasha. Yana ci ya ce dama bai sa rai ba, ya zo ne don in matarsa ta tambaya ya ce ya je. Na tambaye shi ko ta taɓa yi masa gori a kan watanni ukun. Ya ce ko sau ɗaya. Abin da take yi kawai shi ne, ranar da kuɗin suka shigo takan faɗi adadin da ƙarfi kafin ta fara rabawa.

Na ba shi abin da zan iya a watannin nan, buhun gero sau biyu, ya karɓa ba tare da dogon bayani ba. Ya riƙa yi wa mutane allurar dabbobi a ƙauyuka ana ba shi abin da ya samu. Babban ɗan yayansa ya fara acaba. Haka suka yi har aka buɗe iyaka. Fataken da suka dawo ba su kai rabi ba. Wasu sun mutu, wasu 'ya'yansu sun karɓi harkar kuma suna da nasu mutanen.

Nawa lokacin ritayar ya zo bayan shekara biyu. Tun da muka je zauren dattijon nake ɗauka zan kai talatin da biyar na fita da kashi tamanin. Na manta cewa ƙofa biyu ce, shekara talatin da biyar a aiki ko sittin a duniya, wadda ta riga zuwa. Na shiga aiki ina da ashirin da bakwai, don haka sittin ta riske ni ina da shekara talatin da uku da wata biyu. Wata biyun suka zube. Kashi saba'in da shida. Albashina na ƙarshe dubu casa'in da biyar ne, fanshona ya kama dubu saba'in da biyu da ɗari biyu. Shi da ya fi ni ƙuruciya, da ya zauna, shi ne zai cika talatin da biyar ɗin daidai lokacin da zai cika sittin. Na gaya masa wannan, ya ce to ashe ni ma an yanke mini.

Abin da nake karɓa ya ninka nasa fiye da sau biyu, ko bayan ƙarin da aka yi musu. Rana ɗaya muka fara, aiki ɗaya muka yi, kuma duk wanda ya san mu ya san wanda ya fi iyawa. Ban taɓa ganin an zalunce shi ba, shi ma bai taɓa cewa haka ba. An gaya masa ƙa'idar tun kafin ya sa hannu. 'Ya'yan yayansa duka sun tashi a gidansu, ba a rarraba su ga dangi ba, uku daga cikinsu sun yi karatu mai zurfi. Ni kuma kuɗin nawa, da tsadar da aka shiga, ba su kai inda na zata za su kai ba. Ina biyan magani, ina sayen abinci, kafin ƙarshen wata ina jiran na gaba.

Yanzu ɗan yayan nasa ne ke tsayawa a kara. Abokina yana zaune a rumfa, baƙi na zuwa gaishe shi, in ciniki ya cije a kira shi ya raba. Nakan je wasu Lahadin in gwiwa ta bar ni. A zuwana na baya na tarar ana gardama a kan wata saniya da mai saye ke cewa tana da ciwon hanta. Ya sa aka kawo ta bakin rumfa, ya ce na duba tunda ni ne na kai mataki na sama. Na duba idonta da dasashinta, na ce lafiyarta ƙalau, yunwar hanya ce. Ya ce shi ma haka ya gani. Aka sayar da ita, ya aika aka sayo mana fura.